Kewar akushi da sahu: abin da ɗalibinmu ke rasawa idan ya tafi karatu Maroko

Duk shekara, bayan fitowar sakamakon jarabawar bak, wasu daga cikin ƴaƴan jihar Maraɗi na samun gurbin karatu a ƙasashen waje ta hannun ANAB, hukumar da ke kula da alawus da bursun ɗalibai a Yamai. Maroko na cikin ƙasashen da suka daɗe suna karɓar ɗaliban Nijar, ta hanyar hukumarta ta hulɗa da ƙasashen waje da ake kira AMCI, wadda aka kafa a 1986. Idan labarin ya iso gari kamar Hawandawaki, can kudancin Tasawa kusa da iyakar Najeriya, murna ake yi, kuma ta cancanta. Iyaye kan kwantar da hankalinsu da cewa ai ƙasar Musulmi ce, ga masallatai, ga abinci na halal, ba kamar Turai ba. Wannan gaskiya ne. Amma kuma a cikin wannan ƙasa ta Musulmi yaro kan yi wata uku bai sa hannu a kwano ɗaya da kowa ba, ya yi mako bai yi salla a inda aka san sunansa ba. Yadda hakan ke faruwa, da yadda za a gane shi daga gida, shi ne abin da ya kamata iyaye da yayye su sani.

A fara da duba yinin saurayi a gida. Da asuba ba agogo ke tada shi ba, tari da motsin butar mahaifinsa ne, ko kuma kiran ladanin da ya san muryarsa tun yana goye. A masallacin unguwa an san wajen tsayuwarsa a sahu. Ranar da bai fito ba, kafin hantsi wani ya leƙo zaure yana tambaya ko lafiya. Da rana ga fura, ludayi na zagayawa daga hannu zuwa hannu. Bayan magariba ko isha'i a fito da akusan tuwo ƙofar gida, magidanta su yi ciyayyarsu, samari su yi tasu, daga nan a wuce fada a ɗora shayi. Budurwa kuma tana cikin gida tare da uwa da ƙanne da matan yayye, daga surfe har kwasar tuwo ba ta rasa abokin magana. In aka ƙirga, mutum na haɗuwa da jama'arsa sau bakwai ko takwas a yini, kuma ko ɗaya daga ciki ba shi ya shirya ba. Ba a gayyace shi ba, bai nemi izini ba, bai ma yi tunanin abin ba. Lokaci ne kawai ke yi, ya tarar da kansa cikin mutane.

To wannan tsarin ne ke rushewa gaba ɗaya ranar da ya sauka filin jirgin Kasablanka. Mutane ba su ƙare ba, sun ma fi na Hawandawaki yawa nesa ba kusa ba. Abin da ya ƙare shi ne haɗuwar da ke zuwa da kanta. Daga yanzu duk wata zama da mutum sai ya neme ta, ya sa mata rana, ya biya kuɗin mota, wani lokaci a ce masa ba hali. Yaron da bai taɓa koyon neman abokin cin abinci ba, domin bai taɓa buƙatar haka ba, shi ne ake so ya iya cikin mako biyu, a harshen da bai sani ba.

Batun harshen ba ƙarami ba ne. Ana koyar da fannonin kimiyya da likitanci da injiniyanci da Faransanci, kuma ɗalibinmu na jin malami sarai. Amma da an fito daga aji, abokan karatu sun koma Darija, Larabcin gida na mutanen Maroko, wanda ya yi nisa da Larabcin da aka koya a makarantar allo ko Islamiyya. A cikin Darija ake raha, a cikinta ake cewa zo mu je mu ci abinci. Sai ka ga yaro ya yi zarra a jarabawa amma ya kasa shiga hirar minti biyar a bakin aji. Wani lokaci ma a titi yaran unguwa su jefe shi da kalmar raini saboda launin fatarsa. Ba kowa ke yi ba, kuma akwai mutanen kirki da yawa, amma sau biyu ko uku sun isa su sa mai kunya ya rage fita.

Yadda kwano ke zama na mutum ɗaya

A ɗauki misalin saurayi daga ɗaya daga cikin ƙauyukan karkarar Hawandawaki, wanda ya yi lise a Tasawa, aka tura shi wata jami'a a Fas ko Meknes ko Ujda. Hukumar ce ke rarraba ɗalibai garuruwa bisa fannin da aka ba su, don haka abokin da suka hau jirgi tare daga Yamai yana iya faɗawa Agadir, tafiyar yini guda a mota. Gidan kwanan ɗaliban ƙasashen waje da ke Rabat ba ya ɗaukar kowa, shi ya sa galibi haya ake kamawa, mutum uku ko huɗu a gida ɗaya, wani daga Gine, wani daga Kamaru, wani daga tsibiran Komoros. Bursun da AMCI ta shafe shekaru tana bayarwa a baya dirhami 750 ne a wata, wato wajen jika 45 na sefa. Da an fitar da kuɗin haya da wuta da ruwa da mota, abin da ya rage na abinci kaɗan ne, sai an haɗa da abin da ke zuwa daga Yamai ko daga gida, wanda shi ma ba kullum yake zuwa kan lokaci ba.

A nan ne talauci da kaɗaici ke haɗa kai. A al'adarmu ba a ci a gaban mutum ba tare da an ce bismilla ba. Yaron da abin da ke hannunsa burodi ne da ƙwai biyu ba zai iya cewa bismilla ga mutum uku ba, kuma ba zai iya ci suna kallo ba. Mafita ita ce ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Haka kuma idan abokan aji suka ce a je gidan abinci, zai ce ya ƙoshi, don kada a biya masa abin da ba zai iya ramawa ba. Bayan ya ƙi sau uku, an daina kiransa. Babu wanda ya yi masa laifi, shi ma bai yi wa kowa ba, amma ga shi yana cin taliya a tukunya, a tsaye, yana kallon waya. Daga nan sai girkin kansa ya fara zama wahala, tunda ba wanda za a zuba wa. Cin sau uku ya koma sau biyu, ya koma shayi da burodi da dare.

Masana sun auna wannan abu. Rahoton jin daɗin al'ummar duniya na 2025 ya tambayi mutane a ƙasashe 142 sau nawa suka ci abincin rana da na dare tare da wani a makon da ya wuce. Senegal ce ta zo kan gaba, da kusan 12 cikin 14. Rahoton ya kuma gano cewa yawan cin abinci tare da mutane na tafiya da gamsuwar mutum da rayuwarsa, kusan kamar yadda samun kuɗi ko samun aiki ke yi. Ɗan ƙauyenmu ya fito ne daga irin wannan rayuwa ta kusan 14 cikin 14, ya faɗa ta ɗaya ko biyu. Ɗalibin da ya taso a inda dama kowa da farantinsa ba zai ji faɗuwar kamar yadda namu zai ji ba.

Akwai kuma kewar abincin kansa, ko da yake a ganina ita ce mai sauƙin magani. Gero na samuwa a Maroko wajen masu sayar da kayan ƙamshi da magungunan gargajiya, da sunan ilan, amma a can kusan magani ne na ƙarfin ƙashi, awo kaɗan ake saye, ba abincin yau da kullum ba ne. Kuɓewa ma akwai, muluhiya suke ce mata. Kuka da daudawa da busasshiyar kuɓewa kuwa sai a kasuwannin ƴan Afirka ta Yamma, irin wadda ake kira kasuwar Senegal a tsohon garin Kasablanka, ko kuma a cikin jakar wanda ya dawo daga hutu. Tuwon garin masara ko na semolina na tsayawa a madadin na gero. Amma wanda ya tuƙa tuwo ya kaɗa miyar kuka ya zauna ya ci shi kaɗai, yakan tashi da kewa fiye da yadda ya zauna.

Masallaci a cike, amma ba wanda ya san ka

Ta fuskar ibada, Maroko na kama da gida sosai. Mazhabar Malikiyya ake bi, kuma da ruwayar Warshu ake karatun Alƙur'ani, irin wadda aka koya mana a allo. A Fas ne kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake, wanda ya rasu a 1815, kuma zawiyarsa ba ta rabuwa da baƙi daga Senegal da Najeriya da Nijar. Duk da haka ɗalibi kan ce sallarsa ta yi sanyi, ya kuma ɗauka imaninsa ne ya ragu, ya ƙara wa kansa damuwa a kan damuwa.

Dalilan a fili suke. A gida masallaci wurin zama ne: a yi salla, a gaisa, a tambayi mai jiki, a jingina da bango har la'asar. A biranen Maroko yawancin masallatai ana buɗe su ne gab da lokacin salla a kuma rufe bayan an idar, kowa ya ɗauki takalminsa ya kama gabansa. Jadawalin jami'a kuma ba ya tsayawa don azahar ko la'asar, sai ɗalibi ya haɗa sallolinsa a ɗaki da yamma. Ga sanyin hunturu, wanda ya bambanta da namu na ɗari: akwai ruwan sama da laima, gidajen haya kuma ba abin ɗumama ɗaki. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa a Rabat sai wajen ƙarfe takwas da rabi, alfijir kuma wajen bakwai. Wanda ba shi da mai tada shi, kuma ya san babu wanda zai lura da rashinsa a sahu, da wuya ya bar bargo. Ga ƴan mata abin ya fi haka tsanani, domin su dama jam'insu a cikin gida yake, tare da uwa da ƴan'uwa, kuma shi ne ya tafi baki ɗaya.

Azumi ne ke fito da abin fili. Maroko na yamma da mu sosai, don haka a watan Maris, lokacin da azumin ƴan shekarun nan ke faɗowa, rana na faɗuwa a Hawandawaki kusan awa guda kafin ta faɗi a Rabat. Yaro na zaune da yunwarsa zai ga hotunan kunu da ƙosai da kwaɗon zogale na shigowa zauren WhatsApp na dangi. Kafin nasa lokacin ya yi, su sun tashi shirin asham. Ita ma Maroko takan mayar da agogonta baya da awa ɗaya a watan azumi, abin da ke rikita iyaye wajen kira. Sau da yawa kuma ganin wata kan bambanta da kwana ɗaya, ya zama ana sallar idi a gida shi yana cikin azumi. A can kuwa buɗa-baki harkar iyali ce. Da an kira magariba tituna sun zama wayam, kowa na gida gaban miyar harira da dabino da cabakiya.

Babbar salla ta fi zafi. A Nijar layya ta jama'a ce: a soke raguna a jikin itace a jera su kewaye da wuta a ƙofar gida, a yini ana juyawa ana hira, washegari yara su bazu da rabon nama gida-gida. A Maroko kowane gida da nasa ragon a ciki, shaguna su rufe na kwanaki, abokan aji duk su tafi garuruwansu. A 2025 ma Sarki Muhammadu na Shida ya nemi jama'arsa su haƙura da yanka saboda fari da ƙarancin dabbobi. Ɗalibin da bai sayi abinci ya ajiye ba yana iya yin ranar layya da burodin jiya.

Abin da waya ke yi, da abin da ba ta yi

Iyaye da yawa na ganin tunda ana magana kullum, ai shi ke nan. Waya na rage kewa, ba shakka, amma tana da iyaka biyu. Ta farko, yaron ba ya faɗin gaskiya. Ya san an sayar da akuya ko buhun wake kafin a haɗa masa guzuri, ya san ana nuna shi da yatsa a gari ana cewa ɗan wane na Maroko. Da wane baki zai ce wa mahaifinsa, Baba, kewa ta dame ni? Amsarsa kullum ita ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Ta biyu, wayar na iya zama maɓoya. Wanda ke kwana yana sauraren saƙonnin murya na fadarsu ta gida, yana bin labarin kowane biki da suna, jikinsa ne kawai a Fas. Awa ukun da ya ba wa fadar da ba ya cikinta, su ne da zai ba wa maƙwabcin ɗakinsa.

Don haka tambayar yaya karatu ba ta gano komai. Uwa ko yaya su riƙa tambayar abin da ke da suna da lokaci. Da wa ka ci abinci jiya da dare? Me kuka dafa? A wane masallaci ka yi Juma'a, da wa kuka tafi? Idan ka kwanta ciwo yau, wa zai kai ka asibiti, ya sunansa? Yaron da ke da jama'a zai amsa da sunaye ba tare da tunani ba, har ya ƙara da labari. Wanda ba shi da su zai yi ta kewaye-kewaye, ko ya ce da abokai, ba suna. Idan wata biyu suka wuce sunan mutum ɗaya bai fito daga bakinsa ba, akwai magana. Yana kuma da kyau gida su riƙe lambar wani babba a cikin ɗaliban Nijar na garin da yake.

Sake gina lokutan haɗuwa

Tunda abin da aka rasa haɗuwa ce mai tsayayyen lokaci, abin da ke aiki shi ne a ƙirƙiro irinta, ba a jira sai an ji sha'awar fita ba. Mai kaɗaici ba ya jin sha'awar fita, wannan na cikin ciwon. Tsoffin ɗalibai sun san dabarar tukunya ɗaya: mutum huɗu a gida su haɗa kuɗin cefane a farkon wata, ranar da bursu ya shigo kafin ya narke, a raba kwanakin girki, a kuma tsayar da cewa abincin dare a faranti ɗaya ake ci, a lokaci ɗaya. Cefanen haɗaka ya fi araha, tukunyar gas ɗaya ta ishi kowa, kuma kunyar bismilla ta kau tunda abincin na kowa ne. Inda tsarin ke lalacewa sananne ne: wani bai kawo kuɗinsa ba, ko wani ya mayar da sauran masu yi masa girki. Shi ya sa ake rubuta kuɗi da kwanaki a takarda a manna a bangon madafa tun ranar farko, kafin a fara jin nauyin juna.

A wajen ibada, shawarar da ta fi amfani ita ce a zaɓi ƙaramin masallacin unguwa guda ɗaya, a lizimci salla ɗaya a cikinsa kullum, maimakon yawo manyan masallatai. Magariba ta fi dacewa, saboda wata al'ada ta Maroko da ɗan makarantar allo zai ji kamar gida: bayan asuba da bayan magariba, liman da wasu jama'a kan zauna da'ira su karanta izu ɗaya da murya ɗaya, ta yadda izu sittin ke ƙarewa cikin wata. Ba a neman izinin zama, kuma ba a buƙatar Darija. Wanda ya zauna a wannan da'ira mako uku a jere, tsofaffin wurin za su san fuskarsa, su tambaye shi daga ina. Daga irin wannan tambaya ce gayyatar cin kuskus ɗin ranar Juma'a kan fito, wanda su ma a babban kwano ɗaya suke ci. Idan ta zo a karɓa, ko da ba a da abin ramawa. Ɗan ƙullin kilishi ko zoɓo daga gida ya isa tukuici.

Sai ƙungiyoyi. Ɗaliban Nijar na da ƙungiyarsu mai rassa a manyan garuruwan jami'a, akwai kuma CESAM da ke haɗa ɗaliban Afirka baƙi a ƙasar. Su ne kan tarbi sababbi, su nuna musu hanyar neman katin zama, su shirya buɗa-bakin haɗin gwiwa da ƙwallon ƙarshen mako, wani lokaci a yi karo-karo a sayi rago. Taronsu ba kullum ba ne, don haka ba za su maye gurbin tukunyar gida ba, amma a can ake samun waɗanda za a haɗa tukunyar da su.

Akwai matakin da duk wannan ba ya isa. Kewa ta yau da kullum tana zuwa tana tafiya: ta yi nauyi ranar salla, ta sassauta idan an shiga mutane, kuma mai ita na ci gaba da zuwa aji. Amma idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya zauna kusan kullum har mako biyu ko fiye, barci ya lalace, jiki ya rame, aka daina zuwa aji, aka daina wanka da ɗaga waya, to likitoci na kiran wannan ciwon damuwa, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na Yunin 2025 cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, kuma matasa ne abin ya fi shafa. Ba rashin tawakkali ba ne, ba kuma lallai sammu ko jifa ba ne kamar yadda akan yi saurin cewa a gida. A yi addu'a, a kuma sa wani babban ɗalibi ya raka shi wajen likita a makon nan. Idan kuwa ya fara cewa gara ma ya mutu, ko yana yi wa mutane bankwana ba dalili, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, a kai shi sashen gaggawa na asibiti a ranar, a kuma sanar da ofishin jakadancin Nijar da ke Rabat.